Ina Zagayen Gaisuwa, Su Kuma Suna Cewa Sintiri Nake

Salamu alaikum Anti. Wata 4 ke nan da aka ba ni manajan sashenmu, mutum 14 ne a ƙarƙashina, 6 daga ciki sabbin ɗauka ne. Kullum ƙarfe 8:10 nake bi tebur-tebur ina gaishe su, in ɗan tambayi ina aka kwana a aiki, don ba na so a ce na hau kujera na fara ɗaga kai. Shekaranjiya wata a cikinsu da muke ɗasawa ta faɗa min wai yaran suna kiran abin "sintiri", kuma akwai yarinyar da in na ce mata ina kwana sai ta fara ba ni haƙuri kan rahoton da ban ma tambaya ba. Wallahi abin ya min ciwo. In daina gaisuwar ne, ko ya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kar ki daina. In kika wayi gari gobe kika wuce ofishinki kai tsaye kika rufe ƙofa, su ba za su ce "Alhamdulillahi an daina sintiri" ba, cewa za su yi oga ta ji maganar ta yi fushi, sai a shiga neman wanda ya kai gulma, ita kuma baiwar Allah da ta faɗa miki gaskiya ta shiga uku. Gaisuwarki ba ta da laifi. Abin da kike ɗora mata ne ya yi mata nauyi, domin kina yin gaisuwa da roƙon iri, kuma ƙaramin ma'aikaci roƙon irin yake ji, gaisuwar ta wuce ta bayan kunnensa.

Ki tsaya ki kalli abin ta gefen wanda ke zaune. Ke kin ce "ina kwana, ya gida" da zuciya ɗaya. Shi kuma wanda ya fara aiki wata biyu da suka wuce, wanda ya san ke za ki sa hannu a takardar tabbatar da shi, ke za ki rubuta rahoton ƙwazonsa a ƙarshen shekara, ba kalmomin yake saurara ba, jira yake ya ji me zai biyo baya. In ya ga Litinin an ce ina kwana sai "ina aka kwana a fayil ɗin nan" ta biyo, Talata haka, Laraba haka, toh shikenan ya haddace, "ina kwana" ta zama ƙwanƙwasa ƙofa ce kafin a shigo bincike. Shi ya sa yarinyar nan take riga ki, ba rashin wayo ba ne, ta gane tsarin ne tsaf tana amsa tambayar da ta san tana tafe. Don haka gyara na farko kuma mafi girma shi ne ki raba su biyu: gaisuwa da safe ita kaɗai, ba ko kalma ɗaya ta aiki a jikinta, bibiyar aiki kuma a lokacinta daban da kowa ya sani.

Na san za ki ce ai tambayar ƙarama ce, cikin raha ma nake yinta. Daga bakin abokin aiki ƙarama ce. Daga bakin wadda ke riƙe da alƙalami babu ƙaramar tambaya. Hatta "ya aiki?" da kowa ke faɗa ba da wata manufa ba, in ke kika faɗa kika tsaya kina jiran amsa, wani zai ɗauka cewa kika yi ya kawo bayani. "Sannu da aiki" ta fi ta sauƙi, saboda ba ta neman komai sai "yawwa sannu". Ki lura da bambancin: akwai gaisuwar da amsarta a shirye take a bakin kowa, ina kwana, lafiya lau, ya gajiya, ba gajiya, ya mutanen gida, suna lafiya, akwai kuma wadda sai mutum ya tsaya ya yi lissafin kansa kafin ya amsa. "Har kin iso?" "Yau da wuri haka?" "Jiya ban gan ka ba da yamma." "Kwana biyu ka ɓuya." Duk waɗannan kama da gaisuwa suke, amma kowacce tana ɗauke da saƙo ɗaya, wato ina lura da shigarka da fitarka. Ko yabo ne kamar "yau da wuri haka" ki bar shi, domin wanda kika faɗa wa zai ji kamar kin ce sauran ranakun yana makara, na kusa da shi kuma da ya shigo 8:05 zai ji da shi kike.

Sai maganar lokaci, kuma nan ina ganin rabin sunan sintirin ya samo asali. In ana fara aiki 8:00 ke kuma kina zagaye 8:10 daidai kullum, to ko ba ki yi niyya ba zagayenki ya zama kiran suna. Duk teburin da kika samu babu kowa kin ga wanda bai zo ba, kuma kowa ya ga kin gani. Wanda ke kan hanya yana duba agogo yana cewa bari in riga madam isa, ba don aiki ba, don kar ki tarar da kujerarsa wayam. Abin yi a nan mai sauƙi ne. Lokacin da kika shigo ki yi sallama ga ɗakin gaba ɗaya da murya da kowa zai ji, ki gaisa da waɗanda hanyarki ta bi ta kansu, ki wuce. Sauran ki same su a hankali cikin safiyar, wani wajen na'urar buga takardu, wani a baranda, wani lokacin da ya kawo miki takarda, wani kuma ki je teburinsa wajen 9:30 ko 10:00 sanda zancen wa ya zo wa bai zo ba ya riga ya wuce. Ba dole ba ne ki gama da duka 14 kafin ki zauna. Abin da ake so shi ne kafin rana ta raba kowa ya samu fuskarki sau ɗaya, kuma kar a iya saita agogo da ke.

Amma ki kiyaye, sauya lokaci ba yana nufin ki riƙa faɗowa mutane kwatsam ba, wannan ya fi na farkon muni. A ji tahowarki. Ki fara magana tun daga nesa, ki gaisa da na bakin ƙofa da ƙarfi yadda na ciki zai san kin shigo.

Yanzu ga inda mutane da yawa ba sa lura, inda kike tsayawa da inda idonki yake sauka. Ki ɗauki yarinyar nan a misali. Tana zaune ta ba ƙofa baya, tana haɗa lissafi a kwamfuta, sai kawai ta ji murya a saman kanta. Kin zo ta baya, kina tsaye ita tana zaune, fuskarki na kallon allon kwamfutarta ba fuskarta ba domin daga inda kike allon ne a gabanki. Kafin ta juyo hannunta ya riga ya kai ya rufe shafin da take kai, ko da kuwa shafin aiki ne, ta miƙe rabi-rabi ba ta tsaya ba ba ta zauna ba, wayarta da ke gefe ta kifa ta. Duk wannan cikin daƙiƙa biyu, kuma ba ki ce komai ba tukuna sai "ina kwana". Daga baya ake duba aikin mutum, daga gaba ake gaishe shi, jikin ɗan Adam ya san wannan tun kafin ya yi tunani. Saboda haka ki zagayo ta gaban tebur ko ta gefen da bayan allon ne yake kallonki, yadda ko kin so ba za ki ga abin da ke kai ba. In tsarin ofishin bai ba da dama ba, ki tsaya gefe ki ɗan ja baya, ki kira sunanta, ki bari ita ta juyo. Idonki a fuska. Kar ya sauka kan allo, kar ya sauka kan wayar, kar ya sauka kan takardun da ke barbaje, kuma don Allah kar ki duba agogon hannunki kina cikin gaisawa da mutum, ko da ke mitin ɗin 9:00 kike tunawa.

Tazara ma tana da nata. Edward T. Hall, masanin halayyar al'umma da ya yi nazarin wannan a shekarun 1960, ya nuna cewa daga kamar santimita 45 zuwa mita 1.2 fili ne na makusanta, daga mita 1.2 zuwa kamar mita 3.6 kuma shi ne na hulɗar aiki da wanda ba a saba sosai ba. Adadin yana bambanta daga al'umma zuwa al'umma, amma a matsayin ma'auni yana da amfani: faɗin tebur tsakaninku, ko taku biyu. Kar ki dafa kujerarsa, kar ki jingina da teburinsa, kar ki ɗauki wani abu a kai kina jujjuyawa kina magana. Teburin nan shi ne ɗan wurin da ƙaramin ma'aikaci yake ji nasa ne a duk ginin.

Akwai dalilin da ya sa sabbin nan 6 suka fi jin abin fiye da tsofaffin, kuma ba raki ba ne. Tun 1965 Robert Zajonc, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi bayanin cewa kasancewar wani a kusa yana ƙara wa mutum kuzari a aikin da hannunsa ya riga ya faɗa, amma yana dagula masa wanda yake koyo ko mai wuya. Wanda ya shekara 8 yana aikin, tsayuwarki a kansa ba ta hana shi komai, ƙila ma ya ƙara sauri. Wadda take koyo kuwa, da kin tsaya sai lambobin su cakuɗe mata, ta danna inda bai kamata ba, kuma a gabanki, sai gobe ta ƙara tsorata. Shi ya sa tsawon gaisuwar yake da muhimmanci. Daƙiƙa 10 zuwa 20 sun isa, suna, gaisuwa, amsa, "to madalla, a yi aiki lafiya", ki tafi. Tafiyar ma a cikin gaisuwar take. Manajoji da yawa sun iya zuwa amma ba su iya tafiya ba, an gama gaisawa sai su tsaya shiru suna waige-waige, kuma wannan shirun na daƙiƙa biyar shi ne yake sa mutum ya fara kawo bayanin da ba a tambaye shi ba don ya cike gurbin.

To idan ta sake fara ba ki haƙuri fa? Kar ki ce "haba ke kuwa, tsorona kike ji?" a gaban mutane, kunya za ki ƙara mata. Kar kuma ki karɓi zancen rahoton, ko da "ba komai, kawo shi anjima" ne, domin da kin amsa kin tabbatar mata cewa dama abin da ya kawo ki ke nan. Ki ce mata da sakin fuska, "Gaisuwa kawai na zo yi, maganar rahoto sai mun zauna ranar Laraba. Ya gida?" Ta amsa, ki wuce. Ranar farko ba za ta yarda ba. Sai ta ga an yi haka sau da yawa babu abin da ya biyo baya, kuma ranar Larabar ta zo an zauna ɗin da gaske, sannan jikinta zai saki.

Wannan ya kawo mu kan ɗaya rabin, wanda in babu shi duk abin da na faɗa ba zai tsaya ba. Ke manaja ce, dole ki san ina aiki ya kwana, ba wanda ya ce ki rufe ido. In kika cire tambayar daga gaisuwa ba ki ba ta wani gida ba, cikin sati biyu za ta dawo da kanta, saboda buƙatar tana nan. Ki sa mata lokaci sananne. Misali gajeren zama na minti 10 zuwa 15 da duka sashen sau ɗaya ko biyu a sati, kowa ya faɗi abin da ke hannunsa da inda ya maƙale, sannan sabbin ki riƙa zama da kowannensu shi kaɗai minti 20 duk sati ko duk sati biyu, a rana da sa'ar da ya sani tun kafin. Mutum ba ya jin ana sa masa ido in ya san yaushe za a tambaye shi kuma me za a tambaya, ya shirya ya zo. Abin da ke cin rai shi ne tambayar da ke iya faɗowa kowane lokaci cikin rigar gaisuwa. In kuma abu ne na gaggawa da ba zai jira ba, ki gaisa ki tafi, bayan ɗan lokaci ki dawo ko ki aika ki ce "ina son ganinki kan fayil kaza", a fili, da sunansa na aiki. Kin ga an san wannan zuwan daban wancan daban.

Haka zancen makara. A ce kina tsaye a baranda 8:25 sai ga ɗaya daga cikin yaran ya shigo da sauri yana haki, ido ya haɗu. Nan ne za a gane ko gyaran naki na gaske ne. Ki gaishe shi yadda kika gaida wanda ya zo 7:45, murya ɗaya fuska ɗaya, in ya fara "wallahi madam hanya ce" ki ce "sannu da zuwa, shiga ka huta". Ba wai kin yafe makarar ba ne. Akwai rajistar zuwa aiki, ita ke da wannan aikin, in abin ya zama ɗabi'a ki kira shi ofis ku biyu ki ce a sati biyun nan sau kaza ka zo bayan lokaci, me ke faruwa? Wannan magana ce ta manya, da hujja, a keɓe. Amma ranar da kika hukunta mutum ta hanyar rage masa gaisuwa, kika amsa masa ciki-ciki ko kika wuce kamar ba ki gan shi ba, duk ofishin sun koyi cewa fuskarki ta safe sakamakon jarrabawa ce, za su koma karanta ta kullum don su san matsayinsu. Har ranar da kika ba mutum takardar gargaɗi, washegari ki gaishe shi cikakkiyar gaisuwa.

Wani abu kuma da ƙananan ma'aikata ke ƙirgawa ke ba ki sani ba, shi ne wa aka daɗe a wajensa. In kin tsaya minti uku kuna dariya da wadda kuke ɗasawa, kika zo kan sabon yaro kika ce "sannu" kika wuce, ya gani. Ba sai kin auna da agogo ba, amma doguwar hira da na kusa ki ajiye ta zuwa lokacin hutu. Ki riƙa sauya ta inda kike farawa, kar kullum ya zama daga manya zuwa ƙanana, kuma ki riga su gaisawa, kar ki tsaya jiran ƙarami ya fara. Sunan kowa ki riƙe shi daidai yadda shi yake so a kira shi, in ba ki da tabbas ki tambaya sau ɗaya ki rubuta. Masinja, direba, mai shara, maigadi duk suna ciki, kuma yaran suna kallon yadda kike yi da waɗannan fiye da yadda kike zato, domin daga nan suke gane ko gaisuwarki ta mutum ce ko ta muƙami. Ina kuma so ki bar kiransu "yara" a gabansu ko da a bakinki ƙauna ce, wanda ya yi karatu ya nemi aiki ya samu yana so a kira shi da sunansa.

Tambayar lafiyar iyali tana da daɗi amma tana da iyaka. In mutum da bakinsa ya faɗa miki mahaifiyarsa ba lafiya, "ya mai jiki?" washegari girmamawa ce babba, ki faɗa da murya ƙasa. In kuwa a wajen wani kika ji, ko a shafinsa na sada zumunta kika gani, kar ki ɗauko, domin abin da zai fara zuwa ransa shi ne wa ya faɗa mata, me kuma ta sani. Wanda kuma kika ga amsarsa gajera ce kullum, ki bar shi a gajeren, wasu haka Allah ya yi su, ba dole sai kowa ya buɗe miki ciki ba.

Ko ki faɗa musu kin sauya? Eh, amma a taƙaice, kuma kar kalmar sintiri ta fito daga bakinki, kar a ga alamar wani ya kawo miki magana. A zaman sashe ki ce daga yanzu maganar inda aiki ya kwana za mu riƙa yinta ranar kaza da kaza, in kun gan ni da safe gaisuwa ce kawai. Jimla biyu, ki wuce zuwa batu na gaba. Kar ki tambaye su "ko ina takura muku ne?", babu ƙaramin ma'aikacin da zai ce eh.

Yadda za ki gane ko abin yana aiki ba daga bakinsu ba ne, daga jikinsu ne. Ki lura in kin shigo hira tana yankewa ɗif ko tana ci gaba a hankali. Hannu yana zabura zuwa kwamfuta ko yana nan inda yake. Amsar "ina kwana" tana tsayawa a "lafiya lau" ko tana zarcewa zuwa bayanin aiki. Alama mafi kyau ita ce ranar da ɗaya daga cikin sabbin ya riga ki gaisuwa daga nesa ba tare da ya miƙe ba, ko ya tare ki da kansa ya ce "madam in kin samu lokaci akwai inda na kasa ganewa". Ki ba abin sati 4 zuwa 6, tunda wata 4 aka ɗauka ana koyon tsohon tsarin. In bayan haka yarinyar nan ita kaɗai har yanzu tana firgita alhali sauran sun saki jiki, to matsalarta ta wuce gaisuwa, ƙila aikin ne ya fi ƙarfinta ba ta samu mai nuna mata ba, ko wani a sashen yana matsa mata. A zamanku na ku biyu ki tambaye ta wane ɓangare na rahoton ne ya fi cin lokacinta, ki ce ta buɗe ta nuna miki, ku bi shi tare layi-layi.